Takarda Kafin Aiki: Wasiƙar Mai Gina Shafin Intanet Zuwa Ga Mai Gidan Abinci

Yawancin cinikin gina shafin intanet a garuruwanmu da baki ake ƙulla shi, ko da saƙon murya a WhatsApp. Mai gidan abinci ta ce tana so a riƙa ganin kasuwancinta a intanet kamar yadda ake ganin na wance. Matashin da ya iya aikin, wanda ba ya ƙarƙashin kowane kamfani, kansa yake yi wa aiki, ya ce ai ba matsala. Ya faɗi kuɗi, a yi ragi, a tura rabi. Bayan wata biyu sai ka tarar ba sa ga maciji. Ita tana cewa ya ci kuɗinta bai gama ba, domin har yau ba wanda ya yi oda ya biya ta shafin. Shi kuma yana rantsuwa cewa maganar biya ta shafi ba ta taɓa shiga cinikinsu ba. Idan ka saurare su da kyau, babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da ke ranta daban, abin da ke ransa daban, kuma ba a rubuta ko ɗaya ba.

Maganin wannan shi ne wasiƙar tayin aiki, takarda mai shafi biyu ko uku da mai gina shafin zai rubuta bayan sun zauna, tun kuɗi bai motsa ba. Abu uku take amsawa: me za a yi, yaushe za a gama, nawa za a biya. Domin a ga yadda take, na ƙago misali. A ce wata Hajiya ce mai gidan abinci a Kano, tana sayar da tuwon shinkafa da miyar taushe, da masa, da dafa-duka, da farfesu, da gasasshiyar kaza, ga zoɓo da kunun aya. Jimilla abu 45 ne a menu ɗinta. Kuɗin da zan ambata na misalin ne, ba farashin kasuwa ba, domin kowane mai sana'a da nasa.

Wasiƙa mai kyau ba da yabon kai take farawa ba. Da matsalar Hajiya take farawa, a cikin kalmomin da ita ta faɗa:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ranki ya daɗe, a zamanmu na ranar Talata kin ce abu biyu ke damun ki: waya ba ta hutawa da masu tambayar farashi, kuma baƙin da suka shigo gari suna wahala kafin su gano wurin. Aikin da na tsara a nan don waɗannan biyun ne."

Wannan ɗan sakin layi yana da aiki. Idan matashin bai fahimce ta ba, a nan za ta tsayar da shi ta ce, "A'a ɗana, ni odar ofisoshi nake nema," tun bai ɓata ko kwana ɗaya ba. Kuma da harshen da Hajiya ke karantawa cikin sauƙi ya kamata a rubuta. Na ga irin waɗannan takardu da aka cika da Turancin 'yan kwamfuta don a burge mai kuɗi; abin da ke faruwa shi ne ta sa hannu a kan abin da ba ta gane ba, rigimar da ake gudu kuma tana nan tana jira.

Iyakar aikin

Mafi yawan rigima daga nan take tasowa, saboda shafin gidan abinci hawa-hawa ne. Akwai wanda allo ne kawai: ga abincinmu, ga farashi, ga inda muke, ga lokacin buɗewa. Akwai wanda ya ɗara wannan da maɓallin da kwastoma zai danna ya faɗa WhatsApp ɗin gidan abincin ya yi oda, ya tura kuɗi ta banki kamar yadda aka saba. Sai kuma babban, wanda mutum zai zaɓi abinci, shafin ya haɗa masa lissafi, ya biya da kati, odar ta shiga kicin. Na ukun nan zai iya cin ninkin aikin na farko, kuma bayan an gama shi yana buƙatar wanda zai zauna yana lura da odar da ke shigowa. Dole wasiƙar ta faɗi wanne ake magana a kai, ta kuma faɗe shi da abubuwan da ake iya ƙirgawa:

"Zan gina shafi mai ɓangare biyar: farko, menu, hotuna, labarin gidan, da yadda za a same ku. Zan shigar da abinci 45 da farashinsu, da hotuna 30 waɗanda za ki ba ni. Ƙarƙashin kowane abinci akwai maɓallin oda ta WhatsApp. Zan sa gidan a Google Maps. Zan koya wa mutum ɗaya da kika zaɓa yadda zai sauya farashi da kansa, a zama ɗaya na awa biyu."

A lura babu "shafi mai kyau na zamani" a ciki. Kyau ba ya ƙirguwa, ba kuma ranar da za a ce an gama shi. Amma abinci 45, ko sun shiga ko ba su shiga ba.

Maɓallin WhatsApp ɗin ba wani abin tsoro ba ne. Mahaɗi ne da ake rubuta lambar waya a cikinsa da 234 a gaba, a cire sifirin farko:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Abin da ya kamata wasiƙar ta tambaya shi ne lambar wa za a sa. Idan ta yaron kanti ce, ranar da ya bar aiki da odar gidan zai tafi a aljihunsa. Layin da aka yi wa rajista da sunan Hajiya ake so.

Maganar koyar da sauya farashi kuwa, a ganina ita ce ta fi komai muhimmanci a shafin gidan abinci, ita ce kuma aka fi mantawa. Kowa ya san yadda kuɗin shinkafa da man gyaɗa da gas ke motsi a 'yan shekarun nan. Farashin da aka sa a watan Rajab da wuya ya kai babbar salla. Wasu masu gina shafi, don su huta, sai su ɗauki hoton menu ɗin da aka buga a takarda su liƙa, ko su ɗora shi a matsayin PDF. Ranar da kwanon farfesu ya ƙara naira ɗari biyar, sai an nemi mai zane ya gyara, a nemi mai shafi ya sake ɗorawa. Kafin nan kwastoma ya zo da tsohon farashi a wayarsa yana jayayya da mai karɓar kuɗi. Shi ya sa wasiƙar za ta ce menu ɗin rubutu ne da ake iya gyarawa, ta faɗi da me za a gina shi. Da yawa suna amfani da WordPress, manhajar da ta fito tun 2003, kuma kyauta ce. Amfaninta ga Hajiya shi ne, in wannan matashin ya tafi bautar ƙasa ko ya sami aiki a Abuja, masu iya karɓar aikin suna da yawa.

Hotuna ma suna da magana. Hoton da wayar zamani ta ɗauka yakan kai megabait huɗu ko fiye. Talatin irinsa megabait 120 ke nan, mai jin yunwa da ke tsaye a inda sabis ba shi da ƙarfi ba zai jira ba, ba kuma zai yarda datarsa ta ƙare a kallon tuwo ba. Idan aka matse kowane hoto ya dawo kilobait 200, duka talatin ɗin megabait shida ne kacal, idon mai kallo a waya kuma ba zai ga wani bambanci ba. Layi ɗaya ya isa: zan rage nauyin hotuna, zan kuma gwada shafin a ƙaramar waya da data, ba a kwamfutata kaɗai ba.

Daga nan sai ɓangaren da matasa ke jin nauyin rubutawa, wato abin da ba ya cikin cinikin. Suna ganin kamar rashin kunya ne ka jera wa sa'ar mahaifiyarka abin da ba za ka yi ba. Amma ana iya faɗa cikin ladabi:

"Don kada a sami rashin fahimta, Hajiya: wannan kuɗin bai haɗa da ɗaukar hoto, da zana tambarin gida, da kula da Instagram, da biyan kuɗi ta kati ba. Idan daga baya kina son biya ta kati, zan yi shi a kan ₦150,000 da ƙarin mako biyu."

Ya kyautu ya ƙara mata da gaskiyar biya ta kati, cewa kamfanin da ke karɓar kuɗin yana cire la'adarsa a kowace oda. Paystack, alal misali, tsarin da ya daɗe yana bi a cinikin cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin ₦100, yana yafe ɗarin idan kuɗin bai kai ₦2,500 ba. Odar ₦6,000 ke nan za a cire ₦190. Ba yawa, amma ga gidan da kwastomominsa suka riga suka saba da tura kuɗi ana ganin alat nan take, ba lalle ne wannan ya cancanci a fara da shi ba. Mai sana'ar da ya faɗa mata haka ya rage wa kansa ciniki a yau, ni kuwa shi zan fi yarda da shi.

Wani abu kuma da bai kamata ya shiga wasiƙar ba shi ne alkawarin cewa gidan zai fito na ɗaya a Google, ko ciniki zai ninka. Babu mai gina shafin da ke da iko da jerin da Google ke fitarwa. Duk wanda ya rubuta haka, ko bai san aikin ba, ko kuwa ya san Hajiya ba ta sani ba.

Wa'adi

"Mako biyar" ba wa'adi ba ne sai an faɗi daga yaushe ake ƙirgawa. Abin da ya fi jinkirta irin wannan aiki shi ne kayan da mai gidan za ta bayar: cikakken menu da farashi, hotuna, lokutan buɗewa, da 'yan layuka a kan tarihin gidan. Mai gidan abinci tun asuba take kan ƙafa, cefane ne, ma'aikata ne, gas ya ƙare, an ɗauke wuta. Zaman rubuta farashin abu 45 yakan koma "gobe in sha Allahu" har sau goma. Saboda haka wasiƙar ta ce lissafin kwana zai fara ne ranar da abu biyu suka haɗu a hannunsa, kafin alƙalami da kayan nan.

A misalinmu, makon farko na tsara fasali ne, a ƙarshensa Hajiya za ta ga samfurin shafin farko da na menu. Tana da kwana uku ta faɗi gyaranta. Mako na biyu zuwa na huɗu na gini ne da shigar da abinci. Na biyar na gwaji ne da koyarwa da miƙa aiki. Duk kwanan da amsa ta makara daga wajenta, ranar gamawa za ta matsa da kwana ɗaya.

Gyara ma a ƙayyade shi, zagaye biyu, kuma daga bakin mutum ɗaya. Wanda bai taɓa yin aikin ba zai ɗauka wannan tsanani ne. Amma samfurin da aka tura wa Hajiya, da daddare Alhaji zai gani ya ce jan ya yi yawa, 'yarta da ke jami'a ta ce a mayar da shi baƙi, manaja ya ce a sa hotonsa. Idan kowa zai kira matashin kai tsaye, aikin mako biyar sai ya shekara. Su tattauna a gida, a haɗa gyaran wuri ɗaya, a turo a rubuce. Abin da ya wuce zagaye biyu yana da kuɗinsa, a rubuta nawa ne.

Idan kuma akwai ranar da ake hari, a ambace ta da sunanta. Gidan abinci a Kano yana da lokutansa. Da azumi cinikin rana yakan mutu, odar buɗa-baki ta taso. Bayan salla ga bukukuwa. Shafin da aka yi domin odar buɗa-baki, in ya fito ran ashirin ga wata, ya rasa mafi yawan amfaninsa na wannan shekarar. Matashin ya ƙirga baya daga ranar, ya rubuta: in ana so a buɗe mako guda kafin azumi, to kayan su iso gare ni kafin rana kaza.

Kuɗi

Jimilla ɗaya tak, "₦400,000", ba ta gaya wa Hajiya komai sai cewa ta nemi ragi. In aka warware ta, sai a sami abin tattaunawa: tsarawa da gina ɓangare biyar ₦260,000, shigar da menu da gyara hotuna ₦55,000, Google Maps da koyarwa ₦35,000, adireshin shafi da hayar masaukinsa na shekarar farko ₦50,000. Idan ta ce kuɗin ya yi mata yawa, ba sai matashin ya karya farashinsa ya koma yana aiki da ƙunci ba. Sai ya ce, to a cire ɓangaren hotuna da na labarin gida, a sauko zuwa kaza. Aiki ya ragu, kuɗi ya ragu.

A raba biyan uku: ₦160,000 kafin alƙalami, ₦120,000 ranar da ta amince da samfuri, cikon ₦120,000 kuma ranar miƙa aiki. Ta haka babu lokacin da ɗayansu ya yi nisa a hannun ɗayan. A rubuta abin da zai faru in an fasa a tsakiya: kuɗin matakin da aka riga aka kammala ba ya dawowa, na wanda ba a fara ba kuma ba a bin sa.

Layin ₦50,000 ɗin nan shi ne wanda ya kamata a ja masa layi a ƙasa, domin ba sau ɗaya ake biyan sa ba. Adireshin shafi, wanda 'yan sana'ar ke kira domen, haya ne na shekara-shekara. Masu ƙarewa da .ng da .com.ng suna ƙarƙashin ƙungiyar NiRA, ana kuma yankar su ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Masaukin da ake ajiye shafin, wato hostin, shi ma haya ne. Masu gidajen abinci da yawa ba a gaya musu wannan, sai bayan wata goma sha biyu shafin ya ɓace ɓat, su ɗauka an cuce su. In aka daɗe ba a sabunta adireshin ba, yakan koma kasuwa, kowa na iya yanka, alhali yana nan a jikin allon gidan da ledojin da aka buga. Kuma in masaukin na kamfanin waje ne, da dala ake biya. Wanda ya yi alkawarin tsayayyen kuɗin shekara a farkon 2023, lokacin da dala ke wajen ₦460 a farashin gwamnati, ya ga ta haura ₦1,500 a 2024, daga aljihunsa ya cike ko kuma ya saɓa alkawari. Wasiƙar ta ce kuɗin sabuntawa zai bi abin da kamfanin ya caja a lokacin, da rasit, kuma za a tuna wa Hajiya wata guda kafin ranar.

Sai babbar tambaya, wadda ba kasafai mai gidan ke sanin ya kamata ta yi ba: da sunan wa za a yanki adireshin? Sau da yawa matashin da imel ɗinsa yake yi, don ya fi masa sauƙi, ba don mugun nufi ba. Amma wannan daidai yake da ka ba magini aikin gida, ya je ya yi takardar filin da sunansa. Muddin kuna shiri ba ka jin komai. Ranar da kuka ɓata, ko ya ɓatar da wayarsa, ko ya rasu, sai ka gane ba ka da iko da abin da ka biya. Wasiƙar ta faɗa ƙarara:

"Adireshin shafin da masaukinsa da rajistar Google Maps duk da sunanki da imel ɗinki za a yi su. Ranar da aka biya ciko zan miƙa miki duk kalmomin sirri a rubuce, kuma zanen shafin da rubutun da ke cikinsa sun zama mallakinki."

Jimlar ƙarshen nan tana da tushe a doka. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, mayar da haƙƙin wani aiki daga wanda ya ƙirƙire shi zuwa wani sai a rubuce. Biyan kuɗin aiki kaɗai ba ya tabbatar da shi. Hajiya na iya gwada gaskiyar miƙawar da kanta ba tare da ta san komai a kwamfuta ba: ta sa 'yarta ta shiga asusun kamfanin da aka yanki adireshin, ta sauya kalmar sirri. Idan saƙon tabbatarwa wayar Hajiya ko imel ɗinta ya shigo, nata ne. Idan wayar matashin ya tafi, ba a gama miƙa aiki ba.

Abin da ya rage kaɗan ne. Wata ɗaya bayan miƙawa, duk abin da ya lalace daga aikinsa zai gyara kyauta. Ƙara sabon abu kuwa sabon ciniki ne. In tana son ya ci gaba da kula da shafin, yana sabunta manhajar yana ajiye kwafi saboda tsaro, wannan kuɗin wata ne daban, a rubuta shi ko da ba za ta ɗauka yanzu ba. Farashin da ke wasiƙar yana aiki na kwana 14 daga ranar da aka rubuta ta, saboda kada a dawo masa da ita bayan wata huɗu a ce ai kai ka faɗa. A ƙasa kuma wurin sa hannu biyu da kwanan wata, kowa ya riƙe kwafi. Idan haɗuwa ta yi wuya, Hajiya ta amsa a rubuce cewa ta karanta ta amince, matashin ya adana saƙon tare da takardar, sannan ya tura lambar asusun da za a sa kafin alƙalami.